Idan Layi Ya Yi Shiru: Jawabin Kwamitin Jin Daɗin Malamai Kan Satar Lambar Waya

Mai girma shugaban reshe, sakatare da sauran shugabanni, iyayenmu malamai da suka yi ritaya, shugabannin makarantu, malamai maza da mata, muna yi muku barka da zuwa, musamman waɗanda suka yi sammako daga Gwarabjawa, Ajumawa, Sansan, Zago da sauran ƙauyukanmu na nesa.

An umarce mu da mu yi magana a kan wani nau'in sata wanda ɓarawonsa ba ya haura katanga, ba ya ɓalle kwaɗo. Lambar wayar mutum yake ɗaukewa, daga nan kuma ya shiga asusunsa na banki da shafukansa na zumunta kamar shi ne mai su. Abin ya shafe mu fiye da wasu, domin albashin malami ta banki yake zuwa, a lokacin da kowa ya sani, kuma yawancinmu da ƙaramar waya muke motsa kuɗin, ba tare da mun taka ƙofar banki ba.

Bari mu fara da abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Lambar waya ba a cikin katin sim take zaune ba. Katin yana da tasa lambar shaida ta daban, kamfanin waya kuma yana da rajista wadda a cikinta aka rubuta cewa lamba kaza tana tare da kati kaza. Kwatankwacin rajistar aji ce, inda aka rubuta sunan ɗalibi a gaban lambar zamansa. Idan waya ta ɓata muka je aka yi mana abin da muke kira walkam-bak, ma'aikacin ba ya ƙera sabuwar lamba. Gyara ɗaya yake yi a rajistar, ya cire tsohon kati ya rubuta sabo. Tun daga wannan minti, duk kira da duk saƙo sabon katin za su nufa, tsohon kuwa ya mutu, domin lamba ɗaya ba ta rayuwa a kati biyu. Wannan hidima ce ta halal wadda kowa ke bukata. Damfarar ita ce wani ya sa a yi wannan gyara da sunanmu, sabon katin kuma ya faɗa hannunsa.

Me zai yi da lambar? Ai banki bai san fuskarmu ba idan muna gida. Abin da ya sani shi ne lambar da muka ba shi ranar buɗe asusu. Idan aka danna lambobin aika kuɗi irin su *894# na First Bank, ko *901# na Access, ko *919# na UBA, ko *737# na GTBank, banki yana duba daga wane layi umarnin ya fito. Idan aka ce an manta lambar sirri, banki yana turo lambar tabbatarwa ta OTP zuwa wannan layin. Alat ma can yake zuwa. Saboda haka wanda ya riƙe layin ya riƙe mabuɗi, ya kuma riƙe ƙararrawar da za ta tashe mu. Wannan shi ne mafi muni a cikin lamarin: ana kwashe kuɗi, alat yana ta shiga wayar ɓarawo, mai kuɗi yana barci.

Kada wani ya ɗauka cewa rashin wayewa ne ke jawo wannan. A watan Agusta na 2019 an yi wa Jack Dorsey, wanda a lokacin shi ne shugaban kamfanin Twitter, irin wannan sata, aka yi ta rubuta maganganun banza da sunansa a shafin da shi ya kafa. Hukumar FBI ta Amurka ta ce a shekarar 2021 kaɗai ta karɓi koke 1,611 a kan wannan damfara, asarar kuma ta haura dala miliyan 68. Idan wuta ta kama gemun masu fasahar, mu sai mu shafa wa namu ruwa.

Yanzu mu bi misali ɗaya daki-daki. Misali ne muka tsara domin koyarwa, ba labarin wani da ke zaune a nan ba ne, amma kowane mataki a cikinsa haka ake yin sa.

A ce malami ne a wata firamare ta ƙauye. Ranar Talata wani ya kira shi da murya mai natsuwa, ya gaishe shi da cikakken sunansa, ya ambaci makarantar da yake koyarwa. Ya ce daga ofishin tantance ma'aikata yake, an sami saɓani tsakanin bayanansa na albashi da na katin ɗan ƙasa, idan ba a gyara ba kafin Alhamis sunansa ba zai fito a biyan wannan wata ba. Duk malamin da ya taɓa shan wahalar tantancewa ya san yadda gaba ke faɗuwa da jin wannan magana. Ina mai kiran ya sami suna da makaranta? Ba abu ne mai wuya ba. Jerin sunayen malamai da lambobin wayarsu yana yawo a guruf-guruf na WhatsApp, fom ɗin da muka cike yana kwana a shagon fotokwafi, wani lokaci ma takardar da ke ɗauke da bayanan ma'aikata ita ake ƙunshe ƙosai da ita.

Sai ya fara tambaya. Lambar NIN, ranar haihuwa, sunan mahaifiya. Har nan malam bai ji komai ba, domin tambayoyin ofis ne da ya saba da su. Sannan mai kiran ya ce, don a tabbatar layin nasa ne, ya faɗi katin nawa ya sa a ƙarshe, da lambobi uku ko huɗu da ya fi kira. A nan ya kamata kunne ya tashi. Babu ruwan ofishin albashi da katin da mutum ya sa, ko da wanda yake kira da dare. Waɗannan tambayoyi na kamfanin waya ne, su ake yi wa wanda ya zo neman walkam-bak domin a gane ko shi ne mai layin. Duk wanda ya yi mana su ta waya, amsar jarrabawa yake tarawa domin ya je ya zauna a madadinmu.

Za a ce, ai tun watan Disamba na 2020 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta wajabta haɗa kowane layi da NIN, kuma yanzu ba a canza kati sai an duba fuska ko yatsa. Gaskiya ne, kuma wannan ya ƙuntata wa ɓarayi ƙwarai. Amma ƙofa komai ƙarfinta da mai gadi take tsaro. Wuraren da ake wannan aiki suna da yawa, hannuwan da ke yin sa sun fi yawa, kuma ɓaragurbi ɗaya da aka saya da kuɗi ya isa. Shi ya sa muke ganin kuskure ne mutum ya jingina tsaron albashinsa gaba ɗaya a kan amanar wani ma'aikaci da bai taɓa gani ba.

Ɓarawon ba ya gaggawa. Yana jira sai albashi ya shiga, kuma ya fi son yammacin Juma'a, lokacin da bankuna suka rufe sai Litinin. A ce a asusun malam akwai naira 140,000, albashi da kuɗin adashe da ya kwasa domin sayen taki. Da misalin ƙarfe biyar na yamma sabis ya ɗauke a wayarsa. A nan ne yanayinmu na karkara yake taimakon ɓarawo fiye da kowace dabara tasa. Mutumin birni idan sabis ya ɗauke minti goma sai ya tsargu. Mu kuwa mun saba. Za mu ce iska ce, ko man janaretan turken sabis ne ya ƙare, mu jefa waya a aljihu mu tafi masallaci. Malam bai duba ba sai Asabar da hantsi, kuma a tsakanin nan an wuce awa goma sha biyar.

A cikin waɗannan awoyi ɓarawon ya nemi a sake lambar sirri, OTP ya zo masa, ya sa tasa. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 ta taƙaita abin da za a iya aikawa ta irin waɗannan lambobi zuwa naira 100,000 a rana, sai dai in mai asusu ya nemi a ɗaga masa. Amma rana a lissafin banki ƙarfe goma sha biyun dare take ƙarewa. Ya aika kashi na farko kafin sha biyu, ya aika ragowar bayan sha biyu, ya rarraba su a asusu biyu ko uku na aro, da safe a cire su a wurin masu POS. Idan bai ƙoshi ba, ya ɗauki BVN da lambar wayar ya nemi rance a manhajojin ba da bashi da sunan malam. Bayan wata guda a fara kiran malam da 'yan uwansa ana neman bashin da bai ci ba.

To, yaya za mu bambance ɗaukewar sabis ta yau da kullum da mutuwar layi? Gwajin bai kai minti biyar ba, kuma shi ne abin da muka fi so kowa ya tafi da shi gida. Da farko a tambayi na kusa wanda yake kamfani ɗaya da mu. Idan shi ma ba shi da sabis, matsalar ta gari ce. Idan yana da shi mu ba mu da shi, a kashe waya a kunna. Idan har yanzu fuskar wayar tana nuna No service ko Emergency calls only ko SIM registration failed, a cire katin a gwada a wata waya. Sannan a ari wayar wani a kira lambarmu. Idan aka ji tana ringin alhali wayar da ke hannunmu shiru take, babu sauran shakka, lambar tana wani hannu. Ko da an ce a kashe take, matuƙar katin ya ƙi aiki a waya biyu a wurin da wasu ke da sabis, a ɗauka an sauya shi har sai an tabbatar da akasin haka.

Daga nan sai tsarin gudu, kuma tsarin yana da muhimmanci. Yawancin mutane ofishin kamfanin waya suke fara tunani, domin layi ne ya mutu. A ganinmu banki ne farko, saboda layi yana dawowa ko bayan mako guda, kuɗi kuwa idan sun fita da wuya su dawo. Bankuna da dama sun tanadi lambar toshe asusu wadda ake iya dannawa daga wayar kowa, ba sai layin mai asusu ba. Na First Bank *894*911# ne, na Access *901*911#, na Zenith *966*911#, na GTBank kuma *737*51*74#. Za a nemi lambar wayar da ke kan asusun ko lambar asusun, sai a dakatar da fitar kuɗi. Wanda bankinsa ba ya cikin waɗannan ya tambaya a reshe tun yanzu, ya rubuta a takarda tare da lambar kiran da ke bayan katinsa na ATM. A takarda muka ce, ba a waya ba, domin ranar da za a bukace ta wayar ce ba ta nan. Buɗe asusun da aka toshe yakan bukaci zuwa banki, amma kuɗin mota zuwa Kano ko Kazaure bai kai albashin wata ba.

Bayan banki sai a kira kamfanin waya a 300 daga wani layi na kamfanin, a nemi a dakatar da lambar, sannan a je ofishinsu da NIN a karɓo ta. Idan an riga an cire kuɗi, a rubuta wa banki koke a rubuce a ranar farko da ya buɗe, a karɓi shaidar cewa sun karɓa, a kuma kai rahoto ga 'yan sanda. Sauri yana da amfani a nan, domin idan kuɗin ba su bar asusun da aka tura su ba, banki yana iya neman a riƙe su. Idan kamfanin waya ya yi biris, ana kai ƙara ga NCC a lamba 622 kyauta. Idan banki ne ya yi shiru har mako biyu, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Reshe a shirye yake ya taimaka wa kowane memba wajen rubuta waɗannan takardu.

Akwai wata hanya da ta fi wannan sauƙi ga ɓarawo, kuma muna jin ta fi kusa da mu: ya ɗauke katin kansa. A cunkoson ranar kasuwa, ko a tasha, ko a wurin ɗaurin aure, a zare waya. Mai ita yana kukan wayar naira 8,000, bai san ba ita ake so ba. Har a wurin cajin waya, inda muke barin ta yini guda saboda rashin wuta, cire kati ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ba muna zargin masu wannan sana'a ba ne, yawancinsu 'ya'yanmu ne kuma ɗalibanmu, amma shago mai waya hamsin ba ya rasa mai shiga da fita. Da katin a hannu, tsofaffin saƙonnin alat za su faɗa wa ɓarawo bankinmu, *565*0# zai ba shi BVN, *346# zai ba shi NIN. Idan kuma mun ajiye lambar asusu da lambar sirri a cikin sunayen waya, kamar yadda da yawa suke yi, mun gama masa aiki.

Maganin wannan yana cikin kowace waya, har ƙaramar rakani-kashi, kuma kyauta ne. Shi ne kulle katin sim da lambar sirri tasa. Wannan dabam yake da kulle fuskar waya. Kullen fuska wayar yake tsarewa, da an cire kati an sa a wata waya ya tashi aiki. Kullen sim kuwa yana bin katin duk inda ya je. A shiga Settings, a nemi Security, a nemi SIM card lock ko PIN code request, a kunna. Wayar za ta nemi PIN na asali da katin ya zo da shi, daga nan a canza shi zuwa wanda ba shekarar haihuwa ba ce, ba kuma 1234 ba. A kula da kyau: idan aka yi kuskure sau uku katin zai kulle ya nemi PUK, lamba takwas da ke jikin babban katin da aka ɓallo sim daga ciki. Idan aka yi kuskuren PUK sau goma katin ya mutu har abada. Don haka kada a yi ta cinke. Wanda bai san PIN na asali ba ya kira 300 ya tambaya kafin ya fara. Mu faɗi gaskiya kuma, wannan kulle ba ya hana a yi walkam-bak na ƙarya, domin sabon kati ne ake bugawa. Satar katin hannu kawai yake tsarewa, amma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Game da WhatsApp, inda yanzu sanarwar ƙungiya da ta makaranta suke bi, lissafin ɗaya ne. Wanda ya riƙe layi zai karɓi lamba shida ta rajista ya buɗe shafinmu a wayarsa, ya shiga guruf ɗin malamai da na dangi yana cewa yaro ba lafiya an kwantar da shi asibiti, a taimaka da dubu ashirin zuwa gobe. Mutane za su tura, domin sunan malam da hotonsa suke gani, kuma mutuncinsa na shekaru suke biya. Kariyar ita ce a shiga Settings, sannan Account, sannan Two-step verification, a sa lamba shida ta kai, a ƙara adireshin imel idan akwai. Da wannan, ko ɓarawo ya sami saƙon rajista, sai an tambaye shi lambar da ke cikin kanmu. Idan ba mu sa ba ya riga mu sawa, ko mun karɓo layi mun kore shi daga shafin, za mu iya jiran kwana bakwai kafin mu shiga. Mu kuma da muke karɓar irin wannan saƙo, kada mu tura ko sisi sai mun ji muryar mai roƙon, musamman idan sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne. Lambar rajistar nan kuwa ba a karanta wa kowa, ko da ya ce shi ne sakataren reshe yana haɗa taro ta intanet.

Saura magana ɗaya da ta fi shafar iyalanmu. Akwai malamai mata da yawa, da iyaye tsofaffi, waɗanda layin da ke kan asusunsu da sunan miji ko ɗa ko ƙane aka yi masa rajista. Muddin ana zaman lafiya babu wanda ke tunawa. Amma a idon kamfani, mai NIN shi ne mai layi. Ranar da layin ya ɓata, malama ba za ta iya karɓo shi da kanta ba, wancan kuwa yana iya karɓa ba tare da saninta ba, kuma babu dokar da ya karya a wurin kamfani. Ana danna *996# a duba matsayin layi da NIN. Wadda ta ga ba sunanta ba ne ta je a mayar, ko ta sayi layi da sunanta ta kai banki a canza.

Haka nan layin da aka yar. Idan kati ya yi watanni ba a kira ba, ba a sa kuɗi ba, kamfani yana karɓe lambar ya sayar wa wani, banki kuwa bai sani ba, yana ci gaba da tura alat da OTP ga baƙo. Wannan yana yawan samun 'yan fansho da suka canza layi, da asusun mamatan da ba a gama rabon gadonsu ba. Wasu suna ware layi na musamman domin banki kawai, wanda ba sa ba kowa lambarsa, kuma dabara ce mai kyau da muke goyon baya, da sharaɗin a riƙa sa masa kati ana kira da shi ko sau ɗaya a wata. Wanda kuma ba ya amfani da lambobin aika kuɗi na waya ko kaɗan, yana da damar ya ce wa banki a rufe masa wannan hanya gaba ɗaya, ya kuma nemi a riƙa turo masa alat ta imel bayan na saƙo, domin idan an toshe kunne ɗaya ɗayan ya ji.

Bayan an tashi, 'yan kwamiti za su zauna a bakin ƙofa da takardu marasa rubutu. Duk mai so ya tsaya a nuna masa inda kullen sim yake a wayarsa, ya rubuta lambar toshe asusun bankinsa. Lambar sirrin kuwa kowa da hannunsa zai danna, mu ma za mu kau da kai. Allah ya tsare mana guminmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.